Wata shida na banki

Gonarmu tana gabas da wani ƙauye kusa da Ɗan Kassari, a inda tudu ya gangara ya haɗu da fadama. Gawo uku ne a cikinta, da wata tsohuwar rijiya da ta rufta tun ina goye. Babanmu ya jinginar da ita ga wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi na ƙauyen, lokacin da ciwon ƙafa ya kai shi asibiti a Doso, daga can kuma Yamai. Jika ɗari shida ya karɓa, wato sefa dubu ɗari shida. An yi maganar a zauren maigari, gaban liman da dattawa, aka yanke cewa Alhaji zai noma ta har azumi uku. Ranar Juma'ar farko ta azumi na uku, bayan an sauko daga masallaci, in mun kawo kuɗinsa gona ta dawo. In ba mu kawo ba ta zama ciniki, ya cika mana jika ɗari tara a kai, shi ke nan. Sun zaɓi azumi ne domin lokacin duk matafiya suna gida, shi kansa Alhaji da an gama girbi yake bin motocin wake zuwa kudu, ba ya dawowa sai wata ya kusa tsayawa. Baba bai ga ko azumin farko ba.

Mu biyu ya bari, ni da ƙanena, sai Inna. Ni tela ce a Dogon Dutsi, kekena yana bakin wata rumfa da ba ta da nisa da tasha, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙuri da abu biyu, zare mai tsinkewa da mutum mai kwana-kwana. Ƙanena na girme shi da shekara goma sha biyu. Ni na yi goyonsa, ni na ɗinka masa rigarsa ta farko ta lakol, wato makarantar boko, a wurina ya zauna da ya shigo koleji, kuma da keken nan na haɗa masa jarin da ya buɗe shagon sayar da katin waya da tura kuɗi. Ba gori nake yi ba. Ina faɗa ne domin a gane dalilin da ya sa in ya ce mini ga gabas ba na ɗaga kai in duba rana.

Inna ta dawo wurina da zama bayan ta fita takaba. Idanunta sun yi rauni, amma lissafin wata ba ya kuɓuce mata, kuma zancenta kullum bai wuce gonar ba. A ƙarƙashin gawon tsakiya take da gayaunarta ta kuɓewa da yakuwa tun tana amarya. Ba ta taɓa cewa in fanso ba, ba ta ma kiran sunana tunda ni ce 'yar fari. Sai dai in ta ji hadari ya taso ta ce, ko an yi shuka can gabas. Wannan tambayar ita ta hana ni sayen atamfa shekara biyu da rabi.

Na tara kuɗin kamar yadda mata irina suke tarawa. Ɗinkin sallah, ɗinkin 'yan makaranta, adashe biyu, raguna biyu da na turke na sayar da layya, sai wani bijimi da yake kiwo a hannun wani Bafillace, abokin Baba, wanda danginsa suke sauka kusa da ƙauyenmu kowace rani tun zamanin kakanni. Da kwasar adashena ta zo a tsakiyar damina, jika ɗari shida suka cika cif. Na ƙirga su sau uku a kan gado, na yi kuka, na sake ƙirgawa.

To, amma gona ba a fansarta da gero tsaye a cikinta, kuma Alhaji ba zai zauna da shaidu ba sai ranar da aka sa. Ga kuma lokacin da kuɗin suka cika, watan Agusta, rumbuna sun ƙare, sabon hatsi bai nuna ba. Wanda bai zauna cikin dangi da kuɗi a ɗaki a irin wannan wata ba, ba zai gane ba. Kafin mako ya zagayo an turo mini daga gida uku. Wannan matarsa ta haihu, wannan ɗansa na kwance da zazzaɓi, wannan tiya biyar ta gero kawai yake so. Duk gaskiya suke faɗa, kuma duk na san su. Na gane in kuɗin nan suka yi wata shida ƙarƙashin katifata, ba za su kai azumi da ƙafafunsu ba.

Sai na tuna da irin ajiyar da ake kullewa, wadda kai da kanka ba ka iya taɓawa sai wa'adinta ya cika. Na kira ƙanena na gaya masa. Ya ce dabara ce mai kyau, ya zo ya raka ni.

A bakin titin kwalta akwai wurare biyu da suke yin wannan, kusan suna kallon juna. Ɗaya ƙaramin asusu ne na 'yan kasuwa da mata masu sana'a, wanda muke kira kes. Ɗayan banki ne mai mai gadi da sanyi a ciki. Mun fara leƙa kes. A jikin bango an manna takarda, ana kulle kuɗi kwana casa'in, ko ɗari da tamanin, ko ɗari uku da sittin. Su da kwana suke lissafi. A banki kuwa da wata suke yi, uku, shida, ko goma sha biyu. Ni hankalina ya fi kwanciya da kes, domin can nake da ɗan littafina, kuma masu aikin wurin ni nake musu ɗinki. Muna tsaye a inuwar wani itacen dogon yaro tsakanin wuraren biyu na tambaye shi wanne ya fi kusa, kwana ɗari da tamanin ko wata shida.

Ya yi dariya ya ce, “Yaya, duk guda na. Wata kwana talatin na, shidda sau talatin nawa ke nan? Su kansu 'yan banki haka suka lissahi.”

Ya ƙara da cewa irin waɗannan ƙananan asusu an sha jin sun rufe da kuɗin mutane, banki kuwa ba ya gudu, kuma ribarsa ta ɗan fi. Na ce ni riba ba ta dame ni ba, malaminmu na islamiyya ya ce ba a ci, in ta zo sai a fitar da ita. Ya ce to ai in ta fi yawa mabuƙata ne suka ƙaru. Yana da baki, tun yana yaro haka yake, in ya fasa ƙwarya sai ka ƙare da ba shi haƙuri. Muka tsallaka titi.

Ranar Alhamis ce, ashirin da ɗaya ga Agusta, ashirin da bakwai ga Safar a lissafin Inna. Matar da ke gishe, wato tagar karɓar kuɗi, wata doguwa mai tabarau, ta ƙirga kuɗin da inji, ta cike takardu, ta juyo da su ta ɗora alƙalami a kan wani layi. Ta karanta mini da Faransanci ta maimaita da Hausa, ajiyar za ta nuna ranar ashirin da ɗaya ga Fabrairu. Ba ta ɓoye mini komai ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ni dai na yi lakol har aji shida, ina karanta lamba, amma rayuwata ba da Fabrairu take tafiya ba. Ɗinkina da sallah yake tafiya, adashena da Juma'a, gidanmu da tsayuwar wata. Don haka na juya na tambayi ƙanena abu ɗaya, ko wannan ranar kafin azumi ce.

Ya ciro wayarsa ya shafa, ya ɗan duba, ya ce, “Bara farkon Maris anka kama azumi. Kina da sarari, Yaya, sa hannu.”

Ni ma na lissafa da yatsuna a ƙarƙashin mayafi. Daga ashirin da bakwai ga Safar, wata shida ya kai ni ashirin da bakwai ga Sha'aban, saura kwana biyu ko uku a ga watan azumi. Lissafina ya yi daidai da maganarsa. Na sa hannu. Da muka fito har tsire na saya masa.

Watannin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin da na yi tun rasuwar Baba. Duk wanda ya zo da buƙata sai in buɗe hannu in ce kuɗi suna kulle, ko ni ba ni da mabuɗi, in ba shi abin da ya samu daga ɗinkin ranar. Inna ta ɗauki lissafi a hannunta. Duk tsayuwar wata sai ta ɗaura ƙulli a bakin wani tsohon kallabi, ta ce saura biyar, saura huɗu. Ta sa na nemo mata irin kuɓewa daga wata ƙawarta ta Dumega, ta ƙulle a tsumma ta sa cikin ƙwaryar da take ajiye goro.

A cikin watan Mauludi ƙanena ya sayi sabon babur, ja, ya kuma ƙara kanta a shago da firiji na sayar da ruwan sanyi. Na ce kai, kasuwa ta yi albarka. Ya ce wani abokinsa ne na Kamba ya ba shi kaya bashi. Na ji daɗi har raina. Na ɗinka wa sirdin babur ɗin riga da ragowar wani yadi mai kauri, na yi mata geza, yara suna ta tsokanarsa wai babur ɗinsa ya yi ankon biki.

Da aka gama girbi aka kwashe kara, Bafillacen nan abokin Baba ya biyo ta rumfata. A wajenmu in kana son gonarka ta yi ƙarfi, sai ka yi magana da makiyaya su sauka a cikinta da rani, shanu su kwana a nan suna zuba taki, kai kuma ka ba su hatsi. Ya ce gonar ta gaji, Alhaji shekara uku yana cinta bai mayar mata da komai ba, tunda ya san ba tasa ba ce. In ina so, shi da 'ya'yansa za su kafa ruga a cikinta tun daga sanyi har faɗuwar ruwa. Na aika aka tambayi wakilin Alhaji, ya ce ba laifi. Muka shirya a kan buhu uku na gero. Ba ni da su a hannu, sai na karɓi ɗinkin wani biki gaba ɗaya, na yi mako uku ina taka keke har ƙafata ta kumbura. Ƙanena ne ya kai buhunan rugar da jan babur ɗinsa, ɗaya bayan ɗaya, ya dawo yana ba Inna labarin yadda shanu suka cika gindin gawo. Inna ta yi ta sa masa albarka.

Ashirin da bakwai ga Sha'aban ta faɗo ranar Lahadi. Na bari sai Litinin, na yi wanka na sa atamfar da ta fi sauran, na ɗauki takardata da jakar da zan zuba kuɗi. Mai tabarau ta karɓa ta duba ta ce, Madam, da saura. Yau sha shida ga Fabrairu, ajiyar sai ashirin da ɗaya. Ashirin da ɗaya kuma Asabar ce, ba sa buɗewa, don haka sai Litinin ashirin da uku.

Na ce ba zai yiwu ba, wata shida sun cika jiya, uwata ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye ni wane irin wata. Na nuna sama. Ba ta yi mini dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce watan sama kwana ashirin da tara ne ko talatin, shida daga cikinsu ba su wuce kwana ɗari da saba'in da bakwai ko da takwas ba. Watan banki kuwa na kalanda ne, ranar da ka ajiye ita ce ranar da za ka ɗauka, ashirin da ɗaya zuwa ashirin da ɗaya, komai yawan kwanakin da ke tsakani. Na ce to ai an ce mini wata a wurinku kwana talatin ne. Ta ce wannan wajen lissafin riba ne ake ɗaukar shekara kwana ɗari uku da sittin, ba wajen ranar fita ba.

Ta jawo ƙaramar kalandar da ke kan teburinta muka bi tare. Ragowar Agusta kwana goma. Satumba talatin, Oktoba talatin da ɗaya, Nuwamba talatin, Disamba talatin da ɗaya, Janairu talatin da ɗaya, sai ashirin da ɗaya na Fabrairu. Ɗari da tamanin da huɗu. Watanni huɗu masu talatin da ɗaya sun shigo cikin zangon, kowanne ya ƙara mini kwana guda. Na tambaye ta, da a ce ranar nan kwana ɗari da tamanin na kulle, yaushe za su fito. Ta ja yatsa baya gida huɗu ta tsaya a kan sha bakwai.

“Gobe Talata,” in ji ta.

Na zauna a kujerar da ke gefe. Ana sa ran ganin wata gobe ko jibi. Ko an gan shi Talata ko Laraba, Juma'ar farko ta azumi guda ce, ashirin ga Fabrairu. Kuɗina suna bayan wannan gilashin, ina iya jin ƙarar injin da ke ƙirga na wasu, amma ba za su zo hannuna ba sai kwana uku bayan an tashi daga zauren maigari.

Na ce a fasa ajiyar, su riƙe ribarsu, ban taɓa sonta ba. Ta ce ana fasawa, amma a yarjejeniyar da na sa wa hannu sai an ba da sanarwar mako guda, wato Litinin ɗin dai. Na ce a ba ni rance a kan kuɗina. Ta shiga wurin shugabansu ta daɗe, ta fito ta ce ana yi, amma sai takarda ta je Yamai ta dawo, ba ta yi mini alkawarin kafin Juma'a ba. Na cike takardar duk da haka. Har ranar zama takardar ba ta dawo ba.

Daga banki shagon ƙanena na wuce. Har lokacin ko a mafarki ban zarge shi ba, na ɗauka kuskure ne muka yi tare. Ya dafe kai ya yi salati, ya ce shi ma azumin bara ne ya ruɗe shi. Na ce ya taimaka mu haɗa kuɗin na kwana uku kawai, shi da yake juya kuɗin mutane kullum. Ya ce na shago ba nasa ba ne, nasa kuma duk suna cikin kaya. Na bi uwar adashenmu, na bi masu sayar mini da yadi, na bi mijin wata ƙawata. Bakin azumi ne, kowa ya zuba abin hannunsa a sukari da dabino da shinkafa. Abin da na haɗa bai kai jika ɗari da hamsin ba. Aka ga wata, muka kama azumi, ban gaya wa Inna komai ba, ita kuwa ta kwance ƙulle-ƙullen kallabinta tana cewa aikinsu ya ƙare.

Ranar Juma'a ƙanena ya ɗauke ni a babur, muka bi yashi muka isa kafin salla. Mun ratsa ta gefen gonar. Gawo sun yi ganye shar kamar yadda suke yi da rani, ƙasa ta yi baƙi da taki, matar Bafillacen ta ɗago mini hannu daga bakin bukka. Na ce a raina Alhaji mutum ne mai salla, ya san Baba, kwana uku ba za su gagara ba.

Bayan an sauko aka zauna. Maigari da liman da dattawa uku suna ciki, ni ina bakin ƙofa a kan tabarma, ƙanena ya raɓe a jikin bango. Na ajiye takardar banki da jika ɗari da hamsin ɗin, na yi bayani, na roƙi a jira ni zuwa Litinin da azahar. Maigari ya karɓi maganar da kyau, ya ce wa Alhaji ɗiyar marigayi ta yi ƙoƙarin da maza ba su yi ba, a dube ta. Alhaji ya dube ni, kuma abin da na gani a fuskarsa mamaki ne.

Ya ce, “Ni na ɗauka da saninki anka yi. Ƙanenki ya zo mini tun watan Mauludi, ya gwada mini cikin waya, ya ce Juma'ag ga ashirin ta, kuɗɗinku kuwa ba su hita sai ashirin da ukku. Ya ce kun shirya ku sayar, kunya ta hana ku hwaɗi gaban tsohuwa. Jika ɗari huɗu ya amsa cikin cikon. Ga sauran na taho da su.”

Ya zaro ƙunshi daga aljihun babbar riga ya ajiye a gaban liman. Na juya na dubi ƙanena, shi kuma yana duban yatsun ƙafarsa. Liman ya tambaye shi ko haka ne. Ya ce haka ne.

Maigari ya sake roƙo, liman ma ya sa baki. Alhaji ya ce da bai fitar da kuɗinsa ba da ya jira ko wata guda ne, amma ya sayar da shanu biyu domin wannan cikon, ya kuma ƙi wata gonar da aka yi masa tayi, kuma magana an yi ta gaban shaidu da bakin mai gonar. Ban ga laifinsa sosai ba, ko a ranar. Aka shafa fatiha. Na ɗauki takardata da kuɗina na tashi.

A waje, kusa da babur, na tsayar da ƙanena. Ban ɗaga murya ba, abin da ya ba ni mamaki ni kaina. Na tambaye shi ranar da muka tsaya ƙarƙashin dogon yaro, da na ce kwana ɗari da tamanin ko wata shida, ko ya riga ya duba. Ya ce ya duba tun daren da na kira shi. Na ce da ya ciro waya a gaban mai tabarau fa, me ya gani a ciki. Ya ce ya ga abin da ya gani.

Sai bakinsa ya buɗe. Ya ce shi ba manomi ba ne, ni ma ba manomiya ba ce, Inna ko hanyar gonar ba ta iya gani. Ya ce shekara uku yana gaya mini a sayar a raba kowa ya ja jari, ni kuwa ba na jin maganar kowa in na kafe. Wannan gaskiya ne, ya sha faɗa, na sha cewa ba da raina ba. Ya ce bai ci mini ko dala ba, kuɗina suna nan a banki har da riba, ga kuma rabona cikin ciko.

“Ban sace miki komi ba, Yaya. Kwana huɗu na kawai.”

Na ce, “Gero buhu ukku da ka kai ruga, kana sane?”

Ya juya ya kama kan babur. Na ce ya tafi, ba zan hau ba. Na bi amalanken jaki har bakin hanya, daga nan na samu motar kasuwa, na isa gida ana kiran magariba.

Abin da ya fi ci mini rai ba sayarwar ba ce. Da ya tsaya a gaban dattawa ya ce shi magaji ne, yana son rabonsa, da mun yi faɗa, da na zage shi, da wataƙila na nemi yadda zan biya shi nasa. Amma ya zaɓi ya raka ni, ya riƙe mini jaka, ya tsallakar da ni titi. Ya san ba na gane Fabrairu, ya san da shi nake gane ta. Wata shida yana cin tuwo a gidana, yana kallon Inna tana ɗaura ƙulli.

Ranar Litinin na je na karɓi kuɗina. Mai tabarau ta ƙirga jika ɗari shida, ta ƙirga ribar daban, jika goma sha ɗaya da 'yan canji bayan an cire haraji. Ta tambaye ni ko an dace. Na ce an gama. Ribar na ba wata makauniya da ke zama a bakin tasha, ban ma tsaya jin addu'arta ba. Rabona da na Inna cikin cikon liman ya aiko da su, suna nan a kes, ba a kulle ba, ban taɓa su ba.

Inna na gaya mata a ranar Juma'ar, bayan an sha ruwa. Na yi niyyar in ce kuskuren lissafi ne in tsaya nan, amma ni ba na iya kwana-kwana, na faɗa mata duka. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko shi da bakinsa ya amsa, na ce e. Sannan ta ce in miƙo mata ƙwaryar goro. Ta lalubo ƙullin irin kuɓewa ta ba ni, ta ce in kai wa maƙwabciya, tana da fili a bayan gida.

Ƙanena yana zuwa gaishe ta duk Juma'a, da sukari ko lemo. Tana amsawa, tana tambayarsa kasuwa, uwa ce. Ni in na ji ƙarar babur ɗin sai in shiga ɗaki in sa keke a gaba. Rigar da na ɗinka wa sirdin tana nan a kai, gezar ta fara zarewa.

Bafillacen bai tashi daga gonar ba sai da ruwa ya faɗi. Ya aiko mini cewa ya karɓi gerona, ba zai ci shi a banza ba, ko gonar ta wa ce. Da damina ta yi nisa wata mata daga ƙauyen ta kawo mini ɗinkin suna. Tana auna yadi tana ba ni labari, ba da mugun nufi ba, wai bana duk yankin ba gonar da ta kai ta Alhaji, gero ya fi mutum tsawo, har mutane na tsayawa kallo. Inna tana zaune a bayana a kan tabarma, na ɗauka barci take yi.

Ta ce, “Gindin gawon tsakiya fa, mi anka shuka?”

Matar ta ce gero ne, har jikin itacen.